Yadda ake tsara lokacin awon hawan jini: abin da kofi, fushi, rashin barci da riƙe fitsari ke yi wa lambobi

Kawuna ɗan kasuwar goro ne a Kumasi. Wata Talata da yamma ya shigo gidanmu a Aboabo, ko zama bai yi ba ya miƙo mini wata 'yar takarda da aka rubuta masa a wani kemis: 168/102, bugun zuciya 96. Ya ce, “'Yata, ke ce ma'aikaciyar jinya, duba mini wannan. Yaron ya ce jinina ya hau sosai.”

Na ba shi kujera, na tambaye shi yadda ya wuni kafin awon. Daren jiya an ɗauke wuta, zafi da sauro suka hana shi runtsawa sai wajen ƙarfe biyu, ya kuma tashi asuba. Da hantsi ya sha Neskafe cokali biyu a wurin mai shayi don ya kori barci, ya bi da goro. Da azahar suka yi sa-in-sa da wani direba da ya jiƙa masa huhun goro biyu a hanya. Daga wurin rigimar ya ji kansa na sarawa, ya taka da ƙafa zuwa kemis, aka ɗaura masa na'ura nan take, yana zaune a kan benci yana ba yaron labarin direban. Na ce, “Kawu, fitsari fa?” Ya ce tun safe yake riƙe da shi, bayin kasuwa da nisa, ga layi.

Na ce ya zaga bayi ya dawo. Ya zauna minti biyar ba magana, na auna: 151/94, bugu 84. Bayan minti ɗaya na sake: 146/91. Ya yi murmushi ya ce ashe na'urar kemis ce ta lalace. Na ce masa a'a. Na'urar ta faɗi gaskiyar abin da jininsa ke yi a wannan mintin. Abin da likita ke nema shi ne inda jinin yake tsayawa idan jiki na hutawa, kuma ba wannan aka auna a kemis ba. Na kuma gaya masa cewa 146/91 ɗin ma bai kwanta mini ba, sai mun yi awon mako guda.

Lambobin da ke kan na'ura

Na'urar da ake ɗaurawa a damtse tana nuna lamba uku. Ta sama, wadda aka rubuta SYS a gefenta, ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matsa ta tura shi. Ta tsakiya, DIA, ƙarfinsa ne lokacin da zuciya ta saki tsakanin bugu da bugu. Duka biyun da ma'aunin da ake kira mmHg ake ƙirga su. Ta ƙasa, PULSE, yawan bugun zuciya ne a minti ɗaya. Mutane da yawa ba sa rubuta wannan ta ukun, alhali ita ce ke tona asirin wasu abubuwa, kamar yadda za mu gani.

A asibiti ana zargin hawan jini daga 140/90 zuwa sama. A gida iyakar ta ɗan sauka zuwa 135/85, domin mutum ya fi sakin jiki a ɗakinsa. Idan ɗaya daga cikin lambobin biyu ta kai iyaka, ya isa, ba sai duka biyun ba. To ka ga tazarar maki goma kawai na iya fitar da mutum daga sahun masu lafiya ta sa shi cikin masu shan magani, kuma kowanne daga cikin abubuwa huɗun nan, kofi, fushi, rashin barci da riƙe fitsari, na iya kawo maki goman shi kaɗai.

Kofi da 'yan uwansa

Abin da ke aiki a cikin kofi shi ne sinadarin kafeyin. Yana sa jijiyoyin jini su ɗan tsuke, kuma idan hanya ta tsuke ƙarfin abin da ke bi ta cikinta sai ya ƙaru. Yakan fara aiki cikin rabin awa, ya kai ƙarshen ƙarfinsa tsakanin awa ɗaya zuwa biyu. Ga mai hawan jini, kafeyin miligiram 200 zuwa 300, wato kusan kofi biyu zuwa uku masu ƙarfi, yana ƙara kamar maki 8 a lambar sama da 6 a ta ƙasa, kuma ƙarin na iya kai awa uku ko fiye bai sauka ba. Wanda ya saba sha kullum jikinsa yakan rage amsawa, amma ba kowa ba. Wanda bai saba ba shi ya fi ganin tsalle.

Ƙa'idar da aka saba faɗa ita ce kada a sha kofi minti 30 kafin awo. Ni a ganina wannan mafi ƙaranci ne, kuma yana ruɗar mutane. Wanda ya sha kofi ƙarfe bakwai, ya jira har bakwai da rabi ya auna, ya cika ƙa'ida, amma ya auna ne daidai lokacin da kafeyin ke hawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a auna da safe kafin a sa komai a baki, da yamma kuma a bar aƙalla awa uku tsakanin kofin ƙarshe da awo.

A zango kuwa kofi ba shi ne babban mai laifi ba. Sau nawa nake tambayar dattijo ko ya sha kofi, ya ce shi bai taɓa sha ba a rayuwarsa, ga jan goro a haƙoransa. Goro na ɗauke da kafeyin sosai, babba guda ɗaya na iya kamo kofin kofi. Haka ataya da samari ke dafawa zagaye uku bayan la'asar, haka shayin ganye mai kauri, haka lemon ƙara kuzari da direbobi ke sha, wanda ƙaramin gwangwani yakan ɗauki miligiram 80 ko kusa da haka. Har wasu magungunan ciwon kai ana haɗa su da kafeyin, duba bayan kwalin za ka ga an rubuta. Taba kuma, ta zuƙa ko ta shaƙa ko ta ƙasan leɓe, ba kafeyin ce a cikinta ba, amma tana ɗaga jini nan take, ita ma a ba ta aƙalla rabin awa.

Yadda ake gane hannun kafeyin a awo: lambobin sun ɗan hau, ka sake awo bayan minti ɗaya, ka sake bayan minti goma, suna nan inda suke, bugun zuciya kuwa bai yi wani gudu ba. Zama ba ya sauke shi, sai lokaci. Idan kana son sanin yadda naka jikin ke amsawa, auna da safe kafin ka sha, ka sha yadda ka saba, ka sake aunawa bayan awa ɗaya. Yi haka kwana biyu ko uku. Idan kullum lambar sama na ƙaruwa da maki 5 zuwa 10, jikinka na cikin masu amsawa, kuma wannan magana ce da ya kamata likitanka ya ji.

Fushi

Idan rai ya ɓaci, jiki na sakin sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu da ƙarfi, jijiyoyi su tsuke, lambar sama ta yi tsalle, wani lokaci da maki ashirin ko fiye. A nan lambar PULSE ke amfani. Mutumin da bugunsa ya saba zama 72, yau ya nuna 96, ba zazzaɓi, bai yi gudu ba, to akwai abin da ke cin sa. Alama ta biyu ita ce lambobin na sauka daga awo zuwa awo: na farko 160, na biyu 152, na uku 147. Jikin na hucewa ne a gaban idonka.

Minti biyar na zama ba ya isar wanda ya fito daga rigima. Ba shi rabin awa. Kuma abin da na lura da shi a wurin mutanenmu, rigimar kan ƙare a baki ta ci gaba a zuci. Mutum na zaune shiru, amma yana maimaita abin da aka faɗa masa da abin da ya kamata ya mayar. Duk lokacin da ya tuno, jinin ya sake hawa. Ba da labarin ma haka yake, shi ya sa awon Kawu a kemis ya haɗa laifi biyu, fushin da kuma maganar, domin magana kaɗai, ko ta daɗi ce, tana iya ƙara maki goma. Idan rabin awa ta wuce zuciyar ba ta sauka ba, a bar awon zuwa lokaci na gaba, ko a auna a rubuta a gefe cewa rai a ɓace yake.

Tsoro ma ɗan uwan fushi ne a wannan fage. Akwai wanda ƙarar na'urar kawai ke tayar masa da hankali, ya ga lamba babba, ya tsorata, ya sake aunawa, ta ƙara hawa, ya auna sau goma a dare ɗaya. Wannan ba awo ba ne kuma. Sau biyu da safe, sau biyu da yamma, a rufe na'ura a ajiye.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa tunda fushi ne ya ɗaga lambar, ba komai. Mai hawan jini na gaske shi ma yana fushi, kuma nasa tsallen daga sama yake farawa.

Riƙe fitsari

Wannan shi ne mafi sauƙin gyara, kuma shi aka fi jin kunyar faɗa. Idan mafitsara ta cika ta miƙe, tana aika saƙo ta jijiyoyi, jiki ya amsa da tsuke hanyoyin jini. Ƙarin yakan kai maki 10 zuwa 15 a lambar sama, ya fi haka idan matsuwar ta yi tsanani. Da an yi fitsari, cikin 'yan mintuna yake sauka.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan kasuwa da ke wuni a rumfa, da dattawa maza masu matsalar fitar fitsari, da masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari, irin su bendurofulumetayazayid, waɗanda mararsu ke cika awa ɗaya ko biyu bayan sun haɗiye shi. Sai kuma duk wanda ya zauna layin asibiti tun ƙarfe shida yana tsoron ya tashi a kira sunansa. Na sha ganin hajiya ta zauna gabana tana matse ƙafa, na tambaye ta a hankali, “Hajiya, ko za ki fara zagawa?” Ta dawo, lambar da ta kai 150 ta koma 138. Ka je bayi kafin kowane awo, ko ba ka ji matsuwa sosai ba.

Rashin barci

Wannan ya bambanta da sauran ukun. Kofi ana jiran sa ya fita, fushi ana jiran sa ya huce, fitsari ana zubar da shi. Daren da ya lalace kuwa ba ya gyaruwa da zaman minti biyar ko na awa ɗaya.

A barci mai kyau jini na sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, zuciya da jijiyoyi su huta, sannan ya sake hawa gab da farkawa. Idan barcin ya gajarta ko ya yi ta yankewa, saukar ba ta samuwa yadda ya kamata, jiki ya wayi gari a ɗaure, lambobin safe su hau, wani lokaci har zuwa yamma. Sannan wanda bai yi barci ba shi ne mai neman kofi da goro, shi ne kuma mai saurin hasala. Haka abubuwan ke jan juna, kamar yadda suka taru wa Kawu a rana ɗaya.

Abin yi shi ne ka auna kamar kullum, ka rubuta awa nawa ka yi barci. Kada ka tsallake ranar, kada kuma ka yanke hukunci da ita. Dare ɗaya na zaman makoki ko na jinyar yaro abu ne mai wucewa. Amma idan littafinka ya nuna awa huɗu, awa biyar, awa huɗu, mako bayan mako, to wannan ba kuskuren awo ba ne, haka jininka yake zaune, kuma gajeren barci na dindindin na cikin abubuwan da ke kawo hawan jini. Babba na bukatar awa bakwai ko fiye. Akwai kuma wanda ke kwana awa takwas amma yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa ya dawo da shaƙuwa, ya tashi da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi. Matarsa ce ta fi shi sanin wannan. Irin wannan ɗaukewar numfashi na ɗaga jini, har ya ƙi jin magani, kuma lambobin safe su ne suka fi nuna shi. A gaya wa likita.

Tsarin mako guda

A Kumasi lokutan salla ba sa motsi sosai daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, saboda muna kusa da tsakiyar duniya. Don haka na fi son ɗaura awo a jikin salla maimakon agogo, ba a mantawa.

Kafin a fara, a duba maɗaurin. Karɓi tef ɗin tela ka auna kaurin damtse a tsakiyarsa. Maɗaurin da ya fi zuwa da na'ura na damtse mai santimita 22 zuwa 32 ne, an rubuta a jikinsa. Idan naka ya wuce haka, nemi babba, domin ƙaramin maɗauri a babban hannu yana ƙara lamba, wani lokaci da maki masu yawa, kuma duk tsarin lokacin da za ka yi ba zai gyara wannan ba. A ranar farko auna hannu biyu. Wanda ya fi nuna lamba babba, shi za ka riƙa amfani da shi kullum.

Awon safe yana zuwa ne cikin awa ɗaya da tashi. Ka yi fitsari, ka yi alwala, ka yi sallar asuba. Idan masallaci ka je, tafiyar dawowa motsa jiki ce, kuma a lokacin hunturu ruwan sanyi da iskar asuba na tsuke jijiyoyi, don haka ka shiga ɗaki ka zauna jikinka ya ɗumama, kamar kwata ɗaya zuwa rabin awa. Kada ka sha koko, ko shayi, ko kofi, kada ka fasa goro. Ruwa kaɗan ba laifi. Idan kana shan maganin hawan jini, auna kafin ka sha na safe, saboda a lokacin ne ƙarfin na jiya ya fi raguwa, kuma likita na son ya san ko yana kai ka har wayewar gari. Da ka gama awo ka sha maganinka, kada ka jinkirta shi.

Zaman kansa haka yake. Kujera mai majingina, ba tabarma ba, ba bakin gado ba. Baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a harɗe ba. Hannu a kan tebur, yadda tsakiyar maɗaurin zai yi daidai da tsakiyar ƙirji. Idan teburin ya yi ƙasa, sa matashi. Hannun da aka bari a cinya ko yana lilo a gefe yana ƙara maki huɗu zuwa shida ko bakwai. Maɗauri a kan fata, ba a kan riga ba, kuma kada a naɗe hannun riga ya shaƙe damtse, gara a zare hannun gaba ɗaya. Gefensa na ƙasa ya tsaya kamar yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, ya kama yadda yatsa biyu za su iya shiga ƙarƙashinsa.

Sai ka zauna minti biyar cur, ka duba agogo, domin minti biyar na shiru ya fi tsawo fiye da yadda ake zato. Ba waya, ba rediyo, ba amsa gaisuwa. Mai lazimi ya yi a zuci, ya ajiye carbi har a gama. Danna START, kada ka motsa, kada ka yi magana. Rubuta lambobin uku. Jira minti ɗaya, ka sake, ka rubuta. Idan lambar sama ta awo biyun ta bambanta da fiye da maki goma, yi na uku.

Awon yamma kuma, mafi dacewa bayan magariba kafin tuwon dare, ko kuma gab da kwanciya idan an yi awa biyu da cin abinci. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. A makon awo, kofi da goro da ataya su tsaya daga la'asar. Ban ce ka daina su gaba ɗaya a makon ba, domin ana son a ga jininka a rayuwar da ka saba, illa dai kada awon ya faɗa a tsakiyar aikinsu. Idan ka dawo daga Kejetiya cikin cunkoson motoci, ka huta rabin awa tukuna.

Mai aikin dare, kamar mai gadi ko direban da ke kwana a hanyar Tamale, safiyarsa ita ce lokacin da ya tashi daga babban barcinsa, yammarsa kuma kafin ya fita aiki ko kafin ya kwanta. Idan da hali, kada a fara makon awo a cikin azumi ko makon biki, sai in likita ne ya ce a yi.

Haka za a yi kwana bakwai. Idan ya gagara, kada ya gaza uku. A littafi, kowane layi ya ɗauki kwanan wata, lokaci, lambobi uku, da 'yar magana a gefe: barci awa huɗu, na sha kofi ƙarfe biyar, mun yi faɗa. Kada a goge lamba don ba ta yi daɗi ba, kada a yi ta maimaitawa har a sami wadda ake so.

Abin da littafin Kawu ya nuna

Ya fara ranar Laraba. Ita ranar farko ba a lissafa ta, saboda mutum bai saba da na'ura ba, lambobinta kan fi hawa. Sauran kwana shidan, na haɗa awo huɗu na kowace rana na raba da huɗu. Alhamis 141/89, Juma'a 138/87, Asabar 149/93, Lahadi 139/88, Litinin 137/86, Talata 142/91.

Asabar ta fita daban, kuma a gefenta ɗansa ya rubuta masa cewa an yi biki a maƙwabta da lasifika har ƙarfe uku, barci awa biyu. Ba mu cire ta ba. Lambobin sama shida sun haɗu 846, a raba da shida, 141. Na ƙasa 534, a raba da shida, 89. Matsakaicin makonsa 141/89. Bugun zuciyarsa kuwa duk makon tsakanin 70 da 78 yake, ban sake ganin 96 ba.

Kawu ya ce, “To ai Asabar ce ta ɓata lissafin, 'yata.” Na ce mu gwada ba ita. Kwana biyar suka ba da 139/88. Har yanzu ya haura 135/85. Wato Neskafe da goro da direba da fitsari da daren zafi, tare da tafiyar ƙafa da surutun kan benci, sun ɗora masa kusan maki 27 a ranar kemis, amma a ƙarƙashinsu akwai hawan jini na gaske, mara tsanani, wanda ke nan ko ya yi barci ko bai yi ba. Da an bi 168/102, da an ɗauke shi a matsayin wanda jininsa ya yi nisa. Da kuma ya bi zancen na'ura ta lalace, da ya koma kasuwa ya manta.

Ya ɗauki littafin da katinsa na inshorar lafiya ta NHIS ya je asibiti. Likita ya duba shafin, ya sa aka yi masa gwajin fitsari da na ƙoda da na suga, ya yi masa maganar gishiri da dunƙulen miya, ya ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya da safe, ya ce ya sake makon awo bayan wata guda ya kawo.

Ranar zuwa asibiti

A nan ba kai ke da iko da lokaci ba, amma akwai abin da ke hannunka. Sha maganinka na safe kamar kullum, sai in an ce maka kada ka sha. Bar kofi da goro sai ka fito. Idan layi ya kusa zuwa kanka, roƙi na kusa da kai ya riƙe maka wuri ka zaga bayi. Idan daga hawa bene ko daga rana aka kira ka, ka ce, “Sista, don Allah a ba ni minti biyar in huta.” Gaisuwa da bayanin ciwo su jira har maɗaurin ya saki. Idan lambar ta fito sama da abin da ka saba gani, faɗi abin da ya faru, ko barci ne ko ɓacin rai, ka nemi a sake kafin ka tafi, ka nuna littafinka. Sau ɗaya a shekara ka tafi da na'urarka a gwada ta tare da ta asibiti.

Inda ba a jira

Duk wannan tsarin na wanda yake jin kansa lafiya ne. Idan na'ura ta nuna 180 a sama ko 120 a ƙasa, zauna minti biyar ka sake. Idan tana nan, ka ga likita a ranar, kada ka ɗora wa kofi ko fushi. Idan kuma tare da lambar akwai ciwon ƙirji, ko numfashi na gagara, ko baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko magana ta sarƙe, ko gani ya dushe, ko ciwon kai irin wanda ba a taɓa ji ba, ba a sake awo ma. A kira 112 ko a sa mutum a mota zuwa sashen gaggawa mafi kusa, a nan Kumasi babban shi ne na Komfo Anokye. Waɗannan alamun ko da lambar ba ta kai haka ba, tafiya ake yi. Kada a ƙara masa ƙwayar wani don a sauke jinin da sauri.

Mai juna biyu kuwa iyakarta daban. Idan ta ga 140/90, ta huta ta sake ta kuma gani, ta je wurin awon ciki a ranar, ba ta jira makon awo. Idan akwai ciwon kai, ko kumburin fuska da hannu, ko ciwo a saman ciki, ko tana ganin walƙiya a ido, a tafi da ita nan take, ko da tsakar dare ne.